Koyar da Ƙananan Yara Gane Lambobi ta Hanyar Wasan Katin Haɗa Tagwaye

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake amfani da wasan katin haɗa tagwaye wajen koya wa yara 'yan shekara huɗu zuwa shida gane lambobi cikin harshen Hausa. An fara da bambance iya ƙirga da baki da ainihin gane lamba, sannan aka bayyana yadda ake haɗa katunan da matakai uku da wasan ke bi. An kawo misalin zama ɗaya tsakanin yara biyu domin a nuna yadda malami zai gano tushen kuskuren da yaro ya yi. Haka kuma an dubi wasu matsaloli da suka keɓanta ga yaron da ya tashi da Hausa, wato kamannin sauti tsakanin sunayen wasu lambobi, da cin karo tsakanin lambobin boko da na Larabci. Maƙalar ta tsaya a kan cewa amfanin wasan yana cikin haɗa katin lamba da katin adadi. Idan lamba ce kawai ake haɗawa da 'yar'uwarta mai kama da ita, yaro na iya cinye wasan ba tare da ya san abin da lambar ke nufi ba.

Muhimman kalmomi: lamba, adadi, ƙirga, kati, tagwaye, koyarwa

1.0 Gabatarwa

Abu ne sananne a gidajen Hausawa a ji yaro ɗan shekara uku yana rero ɗaya, biyu, uku har zuwa goma, iyaye kuma su yi farin ciki cewa ya iya lissafi. Amma da za a zuba masa tsakuwa a ce ya ɗebo huɗu, sau da yawa cika hannu zai yi ya miƙo. Da kuma za a rubuta masa 4 a ƙasa a tambaye shi sunanta, sai ya yi shiru ko ya faɗi duk sunan da ya zo masa a baki. Abin da yaron ya mallaka a wannan lokaci jerin kalmomi ne da ya hardace kamar waƙa. Wannan hadda tushe ce mai kyau, sai dai ba ta kai ga gane lamba ba.

Wasan katin haɗa tagwaye wasa ne da ake shimfiɗa katuna, ɗan wasa ya nemi biyu da suka dace da juna ya ɗauke. Yana da siga biyu. A ta farko katunan a buɗe suke, ido na ganin komai. A ta biyu a kife suke, dole ɗan wasa ya riƙe a ransa inda ya ga kowane kati. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda za a tsara waɗannan sigogi biyu ta yadda za su kai yaro daga hadda zuwa ganewa, da yadda malami zai karanci kurakuran da ke fitowa a tsakiyar wasa.

2.0 Abubuwa Uku da Ke Cikin Gane Lamba

Domin guje wa ruɗani, an keɓe kalmomi uku a wannan nazari. Suna shi ne kalmar da ake furtawa, kamar "huɗu". Adadi shi ne yawan abubuwan da kalmar ke nuni da su, kamar ƙwallayen dabino huɗu a tafin hannu. Lamba kuwa ita ce alamar da ake rubutawa, wato 4. Ba a cewa yaro ya gane lamba sai ya iya tashi daga kowane ɗaya cikin ukun ya isa ga sauran biyun: ya ga 4 ya ce huɗu, ya ji huɗu ya ɗebo abu huɗu, ya ga abu huɗu ya nuna 4.

Masana halayyar yara sun daɗe da nuna cewa waɗannan alaƙoƙi ba sa zuwa lokaci guda. A littafinsu na 1978, Rochel Gelman da C. R. Gallistel sun bayyana ƙa'idojin da ƙirga ta gaskiya ke tafiya a kansu. Uku daga ciki su ne suka fi shafar wannan wasa: kowane abu ya sami suna ɗaya tak, sunayen su zo a jere ba tare da sauyi ba, sannan suna na ƙarshe da aka faɗa shi ne yawan abubuwan gaba ɗaya. Daga baya Karen Wynn, a ayyukanta na 1990 da 1992, ta yi amfani da gwajin "ba ni kaza" ta nuna cewa yara na koyon ma'anar sunayen ne ɗaya bayan ɗaya. Yaro kan fara sanin ma'anar ɗaya, sai biyu, sai uku, yana ɗaukar watanni a tsakani, alhali tun tuni yana iya rero jerin da baki.

Akwai kuma wata baiwa da wasan ke dogaro da ita, wato gane ɗan ƙaramin adadi da kallo ɗaya ba tare da ƙirga ba. Wannan baiwa ba ta cika wuce abu uku ko huɗu ba. Daga biyar zuwa sama sai an ƙirga, ko kuma an tsara abubuwan a wata siga da ido ya saba da ita, kamar ɗigon da ke jikin ƙwayar ludo. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara wasan da ɗaya zuwa uku, a ƙara zuwa biyar, kafin a taɓa shida zuwa goma.

3.0 Haɗa Katunan

Ba a bukatar sayen komai. Kwalin sabulu ko na taliya ya wadatar, a yanka shi daidai wa daida, kowane kati kimanin santimita 7 a faɗi da 10 a tsawo, girman da hannun yaro zai iya juyawa. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne bayan katunan ya zama iri ɗaya. Idan wani kati na da rubutun kamfani a bayansa, ko kusurwarsa ta lanƙwashe, yara za su riƙe wannan alama su bar lambar. Saboda haka ana manna farar takarda a fuskar da ke da rubutun kamfanin a yi lamba a kanta, a bar fuskar kwalin da ba ta da komai ta zama baya.

Saiti ɗaya na lambobi ɗaya zuwa biyar ya ƙunshi katuna ashirin. Goma na lamba ne, kowace lamba sau biyu. Biyar na ɗigo ne da aka tsara kamar na ƙwayar ludo. Sauran biyar ɗin ma na ɗigo ne, amma a warwatse ba tsari. A yi rubutun da baƙin alƙalami mai kauri, launi ɗaya ga duka katunan. Malamai da dama kan so su ƙawata katunan, su yi 3 da ja, su yi ɗigo ukun ma da ja, sai yaro ya koma haɗa ja da ja. Haka nan ya kamata a sassaɓa girman ɗigon, ta yadda wani lokaci manyan ɗigo biyu za su cika kati fiye da ƙananan ɗigo huɗu, don kada yaro ya ɗauka katin da ya fi cika shi ne mai adadi mafi yawa.

A ƙasan kowane katin lamba a ja ɗan layi. Kati abu ne da ake juyawa, kuma yaran da ke zaune fuska da fuska ba ta gefe ɗaya suke ganinsa ba. Idan babu wannan layi, 6 a wurin ɗaya 9 ce a wurin ɗayan. Ya fi kyau ma a zaunar da yaran kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma, katunan na fuskantarsu duka. A bango kuma, daidai tsayin idon yaro, a liƙa jerin lambobin, kowace da ɗigonta a ƙarƙashi, domin ya zama madogarar da za a koma gare ta idan an yi gardama.

Akwai wani batu na al'ada da bai kamata a tsallake ba. A ƙasar Hausa karta na tafiya da sunan caca, kuma iyaye da yawa ba za su ji daɗi ba idan yaro ya koma gida ya ce sun yi karta a makaranta. Wannan ƙarin dalili ne na yin katunan da hannu maimakon amfani da kartar kanti, da kiransu katin lamba, da kuma nuna wa iyaye su tun farko.

4.0 Matakan Wasan

4.1 Lamba da Lamba a Buɗe

Ana shimfiɗa katunan lamba shida a buɗe: 1, 2 da 3, kowace sau biyu. Malami ya ɗaga ɗaya ya faɗi sunanta, yaro ya nemo 'yar'uwarta, ya maimaita sunan, ya bi siffarta da ɗan yatsa. Aikin wannan mataki shi ne sabar da ido da siffofin, da koyar da dokar wasa: jiran layi, ɗaukar kati biyu kacal, da faɗin suna da ƙarfi. Bai kamata a daɗe a kansa ba, domin yaron da bai san komai game da adadi ba zai iya haɗa 3 da 3 kamar yadda zai haɗa hoton akuya da hoton akuya. Da zarar ya haɗa 1 zuwa 5 ba kuskure a zama biyu ko uku, sai a wuce.

4.2 Lamba da Adadi a Buɗe

Wannan shi ne ƙashin bayan koyarwar. Ana jera katunan lamba a sama, na ɗigo a ƙasa, duka a buɗe kuma a hargitse. Yanzu tagwayen ba su kama da juna, ma'ana ce kaɗai ta haɗa su, don haka babu yadda yaro zai dace sai ya bi ta suna ko ta ƙirga. Ana farawa da ɗigo masu tsarin ludo. Bayan 'yan kwanaki sai a musanya su da warwatsattun, domin yaro kan haddace siffar biyar ta ludo, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ya ɗauke ta tamkar wani hoto. Idan ya iya da masu tsari amma ya kasa da warwatsattu, alama ce cewa siffa ya riƙe, adadin bai zauna ba tukuna.

4.3 Katuna a Kife

Sai yaro ya ƙware a mataki na biyu ake kife katunan. Dalili kuwa shi ne kifewa na ɗora masa nauyi na biyu, wato tuna wuri, a kan nauyin gane lamba. Idan aka haɗa masa su tun farko, ba za a san wanne ne ya kayar da shi ba. Amfanin kifewar shi ne tana tilasta masa ya riƙe lambar a ransa da sunanta. Yaron da ke neman inda ya ga biyar yana maimaita "biyar" a zuci, yana kuma kallon kowane katin da abokinsa ya buɗe.

Yawan katunan ne ke ƙayyade wahalar wasan, kuma lissafin a fili yake. Idan an gauraya tagwaye uku, wato kati shida, wanda ya buɗe ɗaya yana da dama ɗaya cikin biyar ya dace da na biyu bisa sa'a. Da tagwaye biyar damar ta koma ɗaya cikin tara, da tagwaye goma kuwa ɗaya cikin goma sha tara. Ɗan wasan da ba ya tuna komai, kaɗai cinke yake yi, zai bukaci juyi tara a matsakaici kafin ya kwashe tagwaye uku, juyi 25 ga tagwaye biyar, juyi 100 ga tagwaye goma. Wannan ya nuna dalilin da ya sa zuba wa ɗan shekara huɗu kati ashirin ke ƙarewa da gajiya da kuka. Hanya mai sauƙi ita ce a raba layi biyu, lambobi a sama, ɗigo a ƙasa, a buɗe ɗaya daga kowane layi. Da tagwaye biyar, damar dacewa a juyin farko ta zama ɗaya cikin biyar.

Dokoki uku ne ke kare manufar wasan. Duk katin da aka buɗe sai an faɗi sunansa kowa ya ji. Katin da bai dace ba ana barinsa a buɗe na ɗan lokaci, sannan a kife shi a gurbinsa ba tare da an gusar da shi ba. Na uku, wanda ya dace ba ya sake yi nan take. A wasan manya akan ba wanda ya ci damar maimaitawa, amma a aji wannan doka na sa yaron da ya riga ya iya ya kwashe katunan, wanda ya fi bukatar atisaye ya zama ɗan kallo. Minti goma zuwa goma sha biyar sun isa zama ɗaya.

5.0 Misalin Zama Ɗaya

A ɗauka cewa yara biyu 'yan shekara biyar, mace da namiji, suna wasa da tagwaye biyar a layi biyu. Layin sama daga hagu yana ɗauke da 4, 1, 5, 2, 3. Layin ƙasa yana ɗauke da ɗigo biyu, biyar, uku, ɗaya, huɗu. Duka a kife suke.

Yarinyar ta fara. Ta buɗe katin farko na sama ta ce huɗu, ta buɗe na uku a ƙasa ta ce uku ba tare da ta ƙirga ba. Ba su dace ba, ta kife su. Yaron ya buɗe na uku a sama, wato 5, ya ce biyu. Ya buɗe na farko a ƙasa ya ga ɗigo biyu, ya ce biyu, ya kai hannu zai kwashe. A nan malamar ba ta ce masa ya yi kuskure ba. Sai ta ce, "Ɗauki katinka ka je bango, ka nemo mana mai kama da shi." Yaron ya je ya tarar da lambar tana zaune a kan ɗigo masu yawa, ya ƙirga su, ya juyo ya ce, "Malama, biyar ce." Aka mayar da katunan gurabensu.

A juyi na uku yarinyar ta buɗe na huɗu a sama ta ga 2, ta tuna inda aka ga ɗigo biyu, ta ɗauke tagwayen farko. Yaron ya koma kan katinsa na ɗazu, wannan karon ya ce biyar. Ya buɗe na ƙarshe a ƙasa mai ɗigo huɗu, ya ƙirga da yatsa cikin gaggawa, ya taɓa ɗigo ɗaya sau biyu, ya sami biyar ɗin da yake nema. Malamar ta miƙa masa tsakuwa ta ce ya ɗora ɗaya a kan kowane ɗigo yana faɗin suna. Ya tsaya a huɗu. Yarinyar, wadda ke kallo, ta buɗe 4 ɗin da ta gani tun farko ta haɗa da wannan kati. Daga nan yaron ya dace da biyar ɗinsa a kati na biyu na ƙasa. Yarinyar ta buɗe 1, ta tsallake katin da ta san uku ne a cikinsa, ta ɗauki ɗayan. Yaron ya rufe da 3. An gama a juyi takwas, ita da tagwaye uku, shi da biyu.

Sakamakon ya yi kusa da juna, amma abin da malamar ta gani ya bambanta sosai. Yarinyar na gane ƙananan adadi da kallo, tana kuma amfani da katunan da wani ya buɗe, don haka ta isa a ƙara mata 6 da 7. Yaron bai da matsalar tuna wuri, domin sau biyu yana komawa kan kati ɗaya. Matsalarsa biyu ce: rikita 5 da 2, da sakin ƙa'idar suna ɗaya ga abu ɗaya idan yana ɗokin ci. Abin da ya dace da shi washegari shi ne komawa mataki na biyu da katuna a buɗe, da tsakuwa a hannu.

6.0 Gano Tushen Kuskure

Kuskure iri ɗaya na iya fitowa daga tushe daban-daban, kuma kowane da maganinsa. Rikita biyu da biyar misali ne mai kyau, domin a Hausa dalilai biyu ne suka taru a kansa. A rubuce, 2 da 5 sun yi kama da abu da hotonsa da aka kifar. A furuci kuma kalmomin biyu sun fara da gaɓar "bi", sannan gaɓa ta biyu a kowace ta fara da "y". Irin wannan kusanci na sauti yana nan tsakanin takwas da tara, waɗanda suka fara da "ta" kuma suke maƙwabtaka a jeri, da tsakanin bakwai da takwas, waɗanda gaɓarsu ta biyu ta fara da "kwa".

Gwajin rarrabewa mai sauƙi ne. A ajiye katuna gefe, a zuba wa yaro tsakuwa biyar a tambaye shi nawa ne, sannan a ce ya ba da biyu. Idan ya yi daidai, sunayen sun zauna, siffar ce matsala. Maganinta shi ne rubuta lambar da yatsa a kan yashi, ana faɗin inda hannu ke farawa da inda yake nufa, sannan a yi 'yan kwanaki ana wasa da ɗaya daga cikin lambobin biyu kawai kafin a sake haɗa su a saiti guda. Idan kuwa a kan tsakuwar ma yana musanya sunayen, to kunne da baki za a yi wa aiki, malami ya riƙa jan ƙarshen kalmar yana ɗaga yatsu daidai adadin.

Bambancin karin harshe ba kuskure ba ne. Yaron da ya ce "biyat" ko "shidda" kamar yadda ake faɗa a Sakkwato, ko ya ce "guda" a maimakon ɗaya, ya gane lambarsa. Gyara masa furuci a tsakiyar wasa zai sa ya ɗauka lissafin ne ya kuskure. Haka nan a makarantun da ake cakuɗa Hausa da Ingilishi ko Faransanci, ya fi kyau kowane zama ya tsaya a kan harshe ɗaya, kuma a fara da wanda yaro ke ƙirga kayan wasansa da shi a gida.

Wani tushen ruɗani shi ne lambobin Larabci da yaro ke gani a littattafan makarantar Islamiyya. Wasu sun yi daidai da na boko, domin ١ ta yi kama da 1, ٩ kuma ta yi kama da 9. Wasu kuwa suna yaudara: ٥ biyar ce amma ta yi kama da sifilin boko, ٦ shida ce amma ta yi kama da 7, ٤ huɗu ce amma ta yi kama da 3 da aka juya. Yaron da ya ga 7 ya ce shida, ko ya ga 0 ya ce biyar, wataƙila karatunsa na yamma ne ya biyo shi aji. Ba a haɗa tsarin biyu a saiti ɗaya sai ɗaya ya zauna. Bayan haka ana iya yin wasa na musamman da zai haɗa lambar boko da takwararta ta Larabci, tare da jan layi a ƙasan katunan, tun da ٧ da ٨ ma juyin juna ne kamar 6 da 9.

7.0 Faɗaɗa Wasan da Iyakarsa

Idan za a shiga shida zuwa goma, ba a ƙara yawan katunan da ke ƙasa. Ana cire ƙananan lambobin da aka ƙware a kansu, a sa sababbi biyu a gurbinsu, tagwaye su tsaya a biyar ko shida. Ɗigon waɗannan lambobi a tsara su layi biyu, biyar a sama sauran a ƙasa, domin yaro ya ga bakwai a matsayin biyar da biyu, kamar yadda yake ganinta a yatsunsa. Sifili a bar shi zuwa ƙarshe, tagwayensa kuma farin kati ne da ba ɗigo.

Daga goma sha ɗaya, Hausa na da wata fa'ida. "Goma sha uku" ta ambaci goma kafin uku, daidai da yadda ake rubuta 13 daga hagu zuwa dama, saɓanin Ingilishi inda ukun ke fara fitowa a furuci. Sai dai a maganar yau da kullum akan taƙaita a ce "sha uku", goman ta ɓace daga kunne. A lokacin wasa ya kamata a riƙe cikakkiyar sigar, yaro na nuna 1 yana cewa goma, yana nuna 3 yana cewa sha uku. Sigogi irin su "ashirin ba ɗaya" a madadin goma sha tara a jinkirta su, domin ragi ne a cikinsu kuma ba su bi tsarin rubutun ba.

A aji mai yara sittin, rukuni goma sha biyar na yara huɗu-huɗu za su ci kati ɗari uku, kuma malami ɗaya ba zai iya sauraron kowa ba. Da yake amfanin wasan na cikin jin abin da yaro ke faɗa, ya fi dacewa a yi saiti huɗu ko biyar, a riƙa karɓa-karɓa a cikin mako, sauran yara na aikin rubutu a yashi ko allo.

Wasan yana da iyaka. Tun da a hargitse ake shimfiɗa katunan, ba ya koyar da cewa bakwai na bayan shida ko ta fi biyar girma. Binciken Geetha Ramani da Robert Siegler na 2008 ya nuna cewa wasan da ake tafiya a kan gidaje masu lamba a jere yana taimaka wa wannan fanni. Ana iya rage giɓin ta hanyar rufe kowane zama da sa yara su jera tagwayen da suka ci daga ƙarami zuwa babba. Haka kuma wasan ba ya koyar da rubuta lamba, kuma yawan tagwayen da yaro ya ci ba ma'aunin iliminsa ba ne, tun da sa'a da ƙarfin tuna wuri na da kaso a ciki.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa gane lamba ɗaure suna da adadi da alama ne wuri guda, kuma wasan katin haɗa tagwaye na yin wannan aiki idan an bi matakansa: lamba da lamba na ɗan lokaci, lamba da adadi a buɗe har sai ya zauna, sannan a kife. An ga cewa kurakuran yaro ne suka fi ba malami haske, muddin ya iya rarrabe wanda ya fito daga siffa, da wanda ya fito daga sauti, da wanda ya fito daga ƙirga ko mantuwa. Kamannin sautin biyu da biyar, da na bakwai, takwas da tara, tare da tasirin lambobin Larabci, fage ne da masu nazarin harshe da masu nazarin koyarwa za su iya haɗa hannu su bincika a azuzuwan ƙasar Hausa, domin a tantance wanne ne ya fi yawan rikita yara da kuma shekarun da rikicin ke gushewa.